Ganin Likita Kyauta

Da na buɗe ɗan asibitina a Dangora, na duba haya da man janareta da albashin nas, na yanka naira dubu kuɗin ganin likita. Wani dattijo manomi ya biya. Na duba shi tsaf, na ce gajiya ce, ya je ya huta.

Ya ce, "Likita, ba allura, ba ƙwaya? Surutu na saya?"

Ya tsallaka kemis ɗin gabanmu, inda tambaya kyauta ce. Gari ya bi shi.

Wata uku na daure, sannan na soke kuɗin, na lafta shi a kan magani. Yanzu har mai gajiya da ledar ƙwaya yake fita, yana sa mini albarka. Wai ni ne likita mai tausayi.