Suna Biyu a Takardar Gida

Kowa a layinsu, Kafinta yake kiransa, har matarsa. Shagonsa a ɗakin gaba na gidan mahaifinsa yake, kullum ƙamshin katako da gam, ga fensir a bayan kunne ko a gidan biki. Tun da tsohon ya rasu shi ke biyan harajin gidan duk shekara, da sunan mamacin. In an yi maganar rabon gado sai ya ce kuɗin sauya suna zai karya su. Da gaskiyarsa, amma ba ita ce duka ba. Tsoronsa a raba, a sayar, shago ya tafi.

Magadan su biyu ne, shi da Auta, ƙanwarsa mai aikin jinya. Da mai gidan hayarta ya ba ta notis ɗin tashi, dole kotu ta raba gadon: shi kashi biyu, ita ɗaya. Suka ɗauki takardar zuwa ofishin filaye.

"Yallaɓai, a sa sunan Yaya kawai," in ji Auta. "Shi ne babba. Daga baya ya yanka mini nawa."

Jami'in ya sauke tabarau. "Baiwar Allah, kina da kuɗin zubarwa ne? Daga mamaci zuwa magada, kuɗin kaɗan ne, kowa ya biya gwargwadon kasonsa. Amma in gidan ya zama nasa, ranar da zai yanka miki ba gado ba ne kuma. Kyauta ce ko ciniki, sai an sake kimanta gidan a biya cikakken haraji. Kafin nan kuwa, a takarda ko ƙusa ba ki da ita."

"Yaya ba zai cuce ni ba."

Kafinta ya ji wani daɗi ya ratsa shi, irin wanda ba a faɗa. Gida sukutum, ba tare da ya roƙa ba. Zai ce mata haraji ya yi tsada, bana, baɗi, kamar yadda ya saba, kuma za ta yarda. Ya dubi takalminta na asibiti, wanda shi ya buga wa dunduniya da ƙusar kujera.

"Rubuta biyu," ya ce wa jami'in.

"Yaya..."

"Ke, rufe mini baki. Ni in biya haraji sau biyu saboda ladabinki?"

A bakin titi ya daure ya tambaya, yana kallon motoci, ko sayar da nata za ta yi.

"In sayar in kwana ina? Ɗakunan baya nake so. Riƙe shagonka da ƙararsa. Amma gado za ka yi mini, na kwanciya, kuma ba biya."

Ya zaro fensir daga bayan kunne. "Ƙafa nawa ne ɗakin?"