Tukwicin Maman Keziya

Keziya ɗiyar makwabciyata ce a nan Samaru, katanga ɗaya ta raba mu. Ni tela ce, kuma tagar shagona tana kallon tsakar gidansu, don haka duk abin da zan faɗa da idona na gani. Ta gama jami'a, ta yi bautar ƙasa, ta dawo gida ta kama ɗaukar bidiyon girki da waya tana sawa a intanet. Faten tsaki, miyar karkashi, yadda ɗalibi zai ci abinci mai rai da ɗan abin da ke aljihunsa. Mutane suka taru a shafinta kamar ana rabon nama.

Mai kallo minti ɗaya yake gani. Ni kuwa ina ganin wuni guda. Ta je kasuwa da kuɗinta, ta dawo ta jira rana ta faɗo daidai kan teburin, ta dafa, ta sake dafawa saboda wani mai keke Napep ya danna hon a tsakiyar maganarta. Sannan ta zauna tana yanka bidiyon tana haɗawa har wuyanta ya ƙage.

Uwarta, Maman Keziya, tsohuwar malamar firamare ce, mace mai faɗa da kirki a haɗe. Ba ta taɓa kiran abin nan aiki ba. Wasan waya take ce masa. Ta ma gindaya wa yarinyar sharaɗi: in Kirsimeti ta zo wasan nan bai zama sana'ar da ke ciyar da mai ita ba, to ta ajiye waya ta je ta koyar a makarantar kuɗi da aka samo mata. Keziya ta amsa da to, amma na san zuciyarta ba ta can.

Wata rana Keziya ta fita, sai ga direba da katan biyu na sinadarin ɗanɗanon miya daga wani kamfani da ke da ofis a Sabon Gari. Ya ce kyauta ce aka aiko wa Keziya. Maman ta yi abin da kowace uwa a unguwar nan za ta yi. Ta yi godiya, ta sa albarka, ta kwance bakin zani ta ba direba tukwici. Kafin la'asar ta raba kayan nan gida gida, don ba a cin kyauta a ɓoye wa makwabta. Ni ma na samu nawa, kuma a miyar daren nan na zuba shi, ba zan yi ƙarya ba.

Washegari saƙo ya shigo wa Keziya daga wata Ify, mai kula da tallan kamfanin. Wai tunda kaya sun iso, suna jiran bidiyo kafin ƙarshen mako. Wai ba su ware kuɗi ba a yanzu, amma za su ɗora bidiyon a shafinsu, duniya ta san ta.

Keziya ta shigo shagona ido jawur.

"Anti Safiyatu, kin ga abin da Mama ta ja mini? An rabar da kaya. Yanzu da wane baki zan ce ba zan yi ba?"

Raina ya ɓaci, ba da ita ba, da su. Na san irin wannan ciniki sarai. Akwai masu kawo mini ɗinki su ce in yi musu kyauta, ai in sun sa a biki kowa zai tambayi wa ya ɗinka. Har yau ban ga mai shinkafar da ya karɓi wannan tambayar a madadin kuɗi ba. Na ce mata, "Duniyar da za ta san ki, ba don ta riga ta san ki ba ne suka nemo gidanku?"

Muna cikin haka Maman ta leƙo, ta ji komai. Na zaci za ta ce a yi musu kawai a huta, don ita ba ta son a ce gidanta ya ci kayan mutane. Sai ta gyara tsayuwa.

"Tsaya. Yaron nan ce mini ya yi kyauta ne. Na ba shi tukwici, ya karɓa da hannu biyu. Kyautar da aka ba da tukwicinta ai magana ya ƙare. In da ciniki suka zo yi, da sai su faɗa tun a ƙofa."

Keziya ta share ido, ta zauna a kan bencina, ta rubuta amsar. Ta karanta mana da Hausa kafin ta aika, kuma na riƙe ta don ta yi mini daɗi.

"Madam Ify, kayanku sun iso, mun gode. A matsayin kyauta aka kawo su ba tare da wani sharaɗi ba, a haka muka karɓa. Bidiyo kuwa aiki ne, kuma ba na yin sa kyauta. In kuna so, ga yadda nake yi. Bidiyo ɗaya na minti ɗaya a shafina, na rubuta farashinsa a ƙasan wannan saƙon. Rabin kuɗin kafin in fara, sauran kafin in ɗora. Za ku gani tukuna, kuna da damar gyara sau ɗaya. Zan rubuta a fili cewa talla ce, don ba na ɓoye wa masu kallona. In kuna son ku yi amfani da bidiyon a shafinku ko a tallarku, wannan kuɗinsa daban, kuma na wata uku ne. In kuna son kada in tallata kayan wani kamfani irin naku a lokacin, shi ma daban. In kun amince, sai mu sa hannu a rubuce."

Ta danna ta aika.

Amsar Ify ta zo a taƙaice, da sanyi. Wai akwai yara da yawa da za su yi da murna. Keziya ta ce Allah ya ba da sa'a, ba ta ƙara ko kalma ba. Kuma sun samu ɗin. Wata yarinya ta yi musu, ta ɗaga kwalin tana murmushi, ko tukunya ba ta ɗora ba. Bidiyon kuwa bai je ko'ina ba.

Makonni suka shuɗe shiru. Aka fara kawo mini ɗinkin Kirsimeti. Keziya ta ci gaba da girkinta, amma na ga ta ciro takardun makarantarta ta kai an yi musu hoto don aikin koyarwar nan. Abin ya tsaya mini a rai, har na fara tunanin ko mu ne muka zuga ta ta yi asara.

Ranar wata Talata sai ga direban nan ya sake tsayawa a ƙofarsu, da katan a kafaɗa da ambulan a hannu. Maman Keziya ce ta tare shi. Na ajiye almakashi na fito, don ba za a yi wannan ba ni ba.

"Sannu da zuwa, ɗana. Wannan karon kyauta ne ko ciniki?"

Ya sosa ƙeya. "Mama, Madam ta ce kayan da za a yi bidiyo da su ne. Ga takardar yarjejeniya, wai in Keziya ta sa hannu yau za a tura rabin kuɗin."

Maman ba ta taɓa bakin zaninta ba. Ko katan ɗin ba ta karɓa ba. Ta juya cikin gida ta ɗaga murya yadda duk layin zai ji.

"Keziya! Fito ki karanta da kyau kafin ki sa hannu. Baƙon wurin aikinki ne."