Inda Aka Saka Auta

A ofishin safiyo Malam Ɗigo ake ce masa, domin ba ya yarda a yanke masa lamba ko ɗaya a bayan ɗigo. Shekara ashirin da shida yana teburi guda, kusa da tagar da ba ta rufuwa. Masu awo su fita daji, shi ya zauna da lambobin da suka kawo. Aikinsa ɗaya ne: a ba shi wurin tashi, a ba shi kusurwa daga arewa, a ba shi nisa, ya faɗi inda za a sauka. Abokan aiki sukan tsokane shi cewa ko kofin shayinsa ya san a digiri nawa yake.

Shi ne babba a ɗakinsu. Autansu makaniken inji ne a jirgin ruwa na dakon kaya. Zazzaɓi ya kama Auta a tsakiyar teku, ya rasu, na'urar sanyin jirgin kuma ta lalace, babu inda za a ajiye gawa, aka saka shi a ruwa. Takardar kamfani layi huɗu ce, ba ta faɗi wurin ba.

Bayan wata biyu wani abokin aikin Auta ya zo gaisuwa. Ya durƙusa gaban Mama, sannan ya miƙa wa Malam Ɗigo wata 'yar takarda.

"Yaya, abin da na iya kwafowa ke nan. Jami'in jirgi ya ja layi a taswirar allo, daga hasumiyar fitila ta bakin tashar jiragen ruwa zuwa inda muka tsaya."

A takardar an rubuta: digiri 212, mil 340 na teku.

"Arewar taswira ko ta kamfas?"

"Ta taswira, Yaya."

Mama ta ce, "Babba, kai ba aikinka ke nan ba? Nemo min inda ɗana yake."

Washegari ya ciro lambobin hasumiyar daga kundin ofis. Ya mayar da mil zuwa kilomita: ɗari shida da talatin, saura kaɗan. Da farko ya yi lissafin gaggawa, kamar duniya ƙwallo ce zagayayya. Hankalinsa bai kwanta ba. Duniya ta ɗan baje a sama da ƙasa, ta kumbura a tsakiya, kuma a irin wannan nisa kusurwar kanta tana sauyawa a hankali a kan hanya. Ya sake da cikakken lissafi, wanda ake maimaitawa har lambobi su daina motsi. A zagaye na huɗu suka tsaya. Wurin ya matsa fiye da kilomita biyu daga na farko.

Ya buga taswira, ya sa alama da jan biro. Shuɗi ne ta ko'ina, babu tsibiri, babu komai.

Da ya kai gida, Mama ta goge hannunta, ta ɗora yatsa a kan alamar.

"Nan ne daidai?"

Ya so ya ce eh. Bakinsa ya ƙi.

"Mama, lissafina ba ya kuskure ko da faɗin farce. Amma sun ba ni digiri a dunƙule. In sun yanke rabin digiri, kilomita biyar da rabi ke nan dama ko hagu."

"To ka gyara mana."

"Ba abin gyarawa ba ne. Sai sun ba ni sauran lambar."

Ya rubuta wa kamfani sau uku yana neman littafin jirgi. Amsa ɗaya ta zo: an sayar da jirgin, takardu sun bi shi. Ya ɗauki hutu, ya yi tafiyar kwana biyu zuwa tashar. Ya tsaya gindin hasumiyar, ya saita kamfas, ya dubi inda layin ya nufa. Ya nuna wa masunta takardarsa. Wani dattijo cikinsu ya girgiza kai.

"Ɗan'uwa, ko rubu'in wannan ba ma kaiwa. In ma ka je, ruwa za ka gani irin wannan."

Da ya dawo, fuskarsa ta ishi Mama amsa. Ta naɗe taswirar ta sa ƙarƙashin katifa. Amma lokaci-lokaci, in ya leƙo gaishe ta, sai ta ce, "Babba, ka sake dubawa kuwa? Ko ka tsallake wani abu?" Shi kuma ya koma ya sake. Ya gwada digiri 211 da rabi, ya gwada 212 da rabi, alamu biyu suka tsaya nesa da juna kilomita goma sha ɗaya. Bai nuna mata wannan ba.

Matarsa ta ce, "Baban yara, ka ce mata nan ne kawai, ta huta." Ya yi niyya sau da yawa. Ranar da ya faɗa a ƙarshe, Mama ta dube shi, ta ce, "Tun kana ƙarami ba ka iya ƙarya ba," ta juya fuskarta bango.

Mama ta rasu shekara uku bayan Auta. Kabarinta taku arba'in ne daga ƙofar maƙabarta, kuma yakan je kowane mako. Saura masa shekara biyu ya yi ritaya. An kawo sababbin na'urori ofis, amma duk lissafin da ya wuce kilomita ɗari, shi ake kai wa ya duba kafin a sa hannu.