Rigar Ruwa Mai Yalwa

A gidanmu ni ne na tafi jami'a, ƙanena kuma ya bi ruwa. Yana su da ƙaramin kwale-kwale a tafkin madatsar Bakolori, ta wajen Maradun, ni ina koyarwa a Talata Mafara. Na kai shekara hamsin ban iya iyo ba, abin da duk masunta abokansa suka sani.

Da suka yanke shawarar sayen rigar ruwa mai hana nutsewa, bayan iska ta kife jirgin wani daga cikinsu a farkon damina, ƙanena ya gayyace ni ranar rabo. Wani ɗan kasuwa ya zube rigunan a kan tabarma a bakin gaɓa, dattijon da ke shugabantar masuntan yana zaune a gefe. Sai na ga mutanenmu suna zaɓe kamar yadda muke zaɓen rigar Sallah. Kowa ya ɗaga, ya buɗe, ya nemi wadda ta fi faɗi. A wurinmu yalwar tufa mutunci ce, matsattsiyar riga kuwa ta yara ce. Ƙanena, wanda siriri ne tun yana ƙarami, ya ɗauki wadda za ta ci mutum biyu irinsa.

Na karanta rubutun da ke cikinta, na ga nauyi da faɗin ƙirjin da aka yi ta dominsu. Da ya saka ta, na ja maɗauranta har ƙarshe, na kama kafaɗunta na ɗaga, ta hau har ta rufe masa kunnuwa.

Na ce, "Ba za ka shiga ruwa da wannan ba."

Ya ce, "Yaya, don Allah, gaban mutane muke."

Dattijon ya yi murmushi. "Malam, mi kac ce? Mu da munka tsufa cikin ruwa, kai za ka hwaɗa muna riga? Ko kwalbati ba ka ƙetarewa in ta cika."

Aka yi dariya, kuma gaskiya ya faɗa. Na durƙusa na ce, "Baba, ruwa naku ne, ban yi musu ba. Amma wannan ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ba zan bar shi da ita ba sai an gwada."

Dattijon ya ce ba a gwada kaya a gabansa kamar ana tuhumarsa. Sai na tuɓe babbar rigata, na sa rigar ruwan, wadda ni ma ta yi mini yawa. Na sa ƙanena ya ɗaura mini igiya a ƙugu, na taka cikin tafkin ina riƙe da gefen jirginsa. Da ruwa ya kai mini ƙirji na saki jirgin, na ɗage ƙafafuna. Rigar ta taso, ni na zame ƙasa a cikinta, har haɓata ta nutse na sha ruwa. Ƙanena ya fizgo ni ina tari.

Ban tsaya ba. Na zaɓi wata daidai jikina, mai tudun soso a wuya da maɗaurin da ke bi ta tsakanin cinyoyi. Na matse sosonta na ji ya dawo, na ja ɗinkinta, na ɗaure tam, na sake shiga. Na kwanta, ta juya ni rigingine, fuskata a sama.

Wani ya yi ihu, "Kai, ga malam an ɗaure shi kamar buhun albasa!"

Wannan karon ni ma na yi dariya, daga cikin ruwa.

Ƙanena ya ajiye babbar, ya ɗauki ƙarama. Shi ya nuna mini cewa jelar maɗauri tana kama raga, muka naɗe kowace muka cusa. Muka ɗaura usur a kafaɗar rigar. A jirgin muka ɗaure yankakken galan na kwashe ruwa da filafili na biyu, wuƙarsa ta yanke raga ta koma cikin kube a jikinsa. Na roƙe shi kada ya mai da rigar matashin zama, domin soson yana mutuwa in an danne shi kullum. Kaɗan daga cikin masuntan suka canza nasu. Yawanci suka tafi da manyan, dattijon a gabansu.

Tun daga ranar dattijon yana amsa gaisuwata a taƙaice. Na sha tambayar kaina ko akwai hanyar da ta fi wannan ladabi, ko kuma dariyar da aka yi mini ce ta tura ni cikin ruwan. Wataƙila da hannunta a ciki. An ba ni shawara in je in ba shi haƙuri. Na je, na gaishe shi da kyau, na tambayi iyali da gajiya, amma ban ce na yi kuskure ba, domin ban yi ba.

Har yanzu abokan ƙanena suna kiransa buhun albasa. Duk lokacin da na je gaɓar, kafin ya tura jirgi, ina kama kafaɗun rigarsa in ɗaga. Yana ɓata rai, rigar kuwa ba ta motsawa.