Rubutun da ke Ƙarƙashin Hayaƙi

Ranar da Inna ta fita daga takabar Malam, mahaifinmu, Yaya ya ce za a yi wa ɗakin Malam fenti, tunda shi ne zai ci gaba da karantarwa a ciki. Na zo daga Rano, inda nake aure, zuwa gidanmu na Fassi don in taya aiki. Gaskiya ba taimako kaɗai ya kawo ni ba. Ina so hannuna ya sami abin yi, don idan na zauna kuka nake yi.

Ɗakin ya yi baƙi ƙirin. Shekara da shekaru Malam yana karatu da fitilar kananzir a kan wani ɗan katako da aka kafa a bangon gabas, ko da fitilu masu caji suka cika gari bai yarda ya canza ba. Hayaƙin ya hau bango kamar harshe, ya je ya yi da'ira a silin. Da sanyi kuma ga kaskon gawayi, wanda ya bi sauran bangon ya dusashe shuɗin fentin.

A gefen katakon fitilar nan Malam yake rubuta haihuwar 'ya'yansa. Duk wanda aka raɗa wa suna, sai ya tsoma alƙalami a tawada ya rubuta da ajami: suna, rana, wata. Layi shida ne. Na sama na ɗan farin Inna ne, wanda ya rasu yana wata bakwai tun ba a haifi kowa a cikinmu ba. Ba shi da hoto, kabarinsa ya daɗe da shafewa, Inna kuwa saboda alkunya ba ta taɓa furta sunansa ba. Layin nan ne kawai ya rage mata, shi ma hayaƙi ya binne shi tare da namu.

Da safe ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Kar ki taɓa gefen fitila sai Kawunki ya iso."

Kawu ƙaninta ne, aikin fenti yake yi a Kibiya. Na ce to. Amma ni fa Allah bai yi ni da haƙurin jira ba, kowa a gidan ya sani. Hantsi ya yi, babu Kawu. Na ce a raina, haba, yau kuma wankin bango sai an ɗauko gwani? Ni da nake fitar da baƙin tukunya har ta yi ƙyalli? Zan ɗan rage daga ƙasa kawai, ba zan kai wajen rubutun ba. Na jiƙa tsumma a ruwan sabulu na goga.

Wayyo! Baƙin bai fita ba, narkewa ya yi. Ya zama kamar man goge takalmi, ya baje, ya shiga cikin fentin, ruwan baƙi ya gangaro ya yi zane har ƙasa. Raina ya ɓaci, na ƙara ƙarfi, na ƙara sama. Sai na ga a ƙarƙashin hannuna wutsiyar wani harafi, kafin in janye tsumman ta narke ta bi ruwa. Ni 'yar malam, wadda ta tashi tana wanke allo, na manta cewa tawada ba ta jure ruwa.

A haka Kawu ya same ni, tsumma a hannu. Ya dubi bango ya yi salati.

"'Yar nan, wa ya aike ki? Ba a fara wa hayaƙi da ruwa, balle na kananzir, mai maiƙo ne. Yanzu kin shayar da bangon shi."

"Kawu, ai kai ka makara," na ce. Ka ji bakina, ko a lokacin.

"Na makara. Ajiye tsumman."

Inna ba ta shigo ba. Ta zauna a kan tabarma a bakin ƙofa, carbi a hannu. Da ta yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

Kawu ya buɗe taga, ya sa muka fitar da littattafai, muka shimfiɗa buhuna a ƙasa, muka ɗaure hanci da ƙyalle. Ya lulluɓe gefen fitilar da takarda, sannan ya fara da silin, don abin da zai zubo kar ya ɓata inda aka gama. Buroshi mai laushi ya sa yana kaɗe garin baƙin a hankali, sai busasshen soso, yana dannawa yana ɗagawa. In gefe ya yi baƙi ya yanke shi da reza ya ci gaba da mai tsabta. Sai da busasshen aiki ya ƙare ya karɓi ruwan ɗumi da ɗan sabulu, ya gwada a bayan ƙofa ya ga fentin bai bi tsumma ba. Silin tsumma matsattse kawai ya sha, don kwali ne, ruwa zai kumbura shi. Bango kuwa daga ƙasa muka faro muna hawa, saboda ruwan da ya gangaro kan busasshen datti zane yake bari. Muna yi muna ɗaurayewa, muna canza ruwa. Yaya ya leƙo ya ce me zai hana a shafe kome da fenti a huta. Kawu ya ce baƙin zai huda sabon fentin ya fito kafin wata ya zagayo.

Bayan azahar, da inda na jiƙa ya bushe, ya cire takardar. Ya aika aka kawo burodin jiya, ya ƙwaƙule tsakiyarsa ya dunƙula.

"Nan babu ruwa, babu guga," ya ce. "Ki danna, ki ɗaga. In ya yi baƙi ki murza ki juya."

"Kawu, ka yi da kanka. Ni na isa haka."

"Idona bai kai naki ba. Zo nan."

Na hau turmi na fara daga sama, ina tsoron ko numfashina. Dunƙule bayan dunƙule yana baƙi a hannuna. Bangon bai koma shuɗi ba, toka-toka ya yi, amma a cikin tokar sai haruffa suka fara fitowa, rubutun Malam mai ɗan karkata hagu. Layin farko ya fito cif: suna, ranar Talata, watan Rajab. Ran nan na fara sanin sunan yayana da ya rasu. Na biyu ya fito, na uku, na huɗu, na biyar. Na shida babu shi, sai dabbaren da tsummana ya bari. Ni ce auta.

Na sauko na tsaya ina kallon wurin. Malam ya taɓa tsayawa a nan da alƙalami ya rubuta ni, ni kuma na goge da hannuna, kuma babu mai sake rubutawa. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, har yau yana yi.

Kawu ya juya wajen Inna ya ce, "Yaya, shigo ki gani."

Inna ta shigo. Ba ta iya karatu ba, amma ta san wurin. Ta ɗaga hannu har kusa da layin sama, ba ta taɓa ba, ta daɗe a haka leɓunanta suna motsi. Kawu ya ce zai zagaye wurin da fenti ya sa masa gilashi. Ta gyaɗa kai, sannan ta ƙirga layukan da yatsa har ta zo kan dabbaren.

"Na wa ya tafi?"

"Nawa ne, Inna."

Ta juyo ta dube ni, ta sa gefen mayafinta ta goge mini baƙin da ke goshina.

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Ke ai in na kira ki za ki amsa."