Filin Sa Hannun Alhaji

Da na gama bautar ƙasa, na samu aiki a wani kamfanin sayar da kayan gini a Jos, masu siminti da kwano da rodi, a matsayin mataimakin jami'in mulki. Muƙamin ya fi aikin girma. Tebur aka ba ni a lungu, kusa da injin gurza takardu mai fitar da kwafi, aka kuma sanar da ni cewa zaman gwaji nake yi: in an gamsu da ni a tabbatar da ni, in ba a gamsu ba in koma Anguwan Rogo in ci gaba da cin tuwon gidanmu da digirina a aljihu.

A lokacin Manaja bai daɗe da dawowa daga wani kwas a Legas ba, kuma ya dawo da aƙida. Ya kira ni ofishinsa, ya baje wasiƙun kamfanin a kan tebur, irin waɗanda ake bugawa da yawa a ajiye, a riƙa cike suna da kwanan wata kawai: ta ɗaukar ma'aikaci, ta hutu, ta gargaɗi, ta sanar da farashi, ta maraba da sabon dila. A wata kwanan watan yana dama, a wata yana hagu, a wata kuma an manta da shi ɗungurungum. Lambar fayil kuwa yawo take yi daga wasiƙa zuwa wasiƙa kamar akuyar da ba ta da turke.

"Dubi nan," in ji shi. "Wa zai ce gida ɗaya suka fito? Ina so ka mayar da su 'yan uwa ɗaya uba ɗaya. Fasali guda, ba togiya ga kowa. Ka kawo mini samfurin da kowane shugaban sashe ya sa wa hannu, ni kuma in ce a tabbatar da kai."

Ya ƙara da cewa an daina sayen doguwar takardar fulsikaf, an koma sabuwa mai suna A4. Da na auna, sai na ga ta gaza tsohuwar da kusan layi takwas na tafireta. Na sake aunawa, domin ni mutum ne da ba ya yarda da rula a karon farko.

Aikin ya yi mini daɗi fiye da yadda ya kamata ya yi wa mai cikakken hankali. Na tsara samfuri: lambar fayil a hagu, kwanan wata a dama kan layi ɗaya da ita, adireshi a ƙasansu, kan magana a ja masa layi, kowane sakin layi ya fara daga gefe, sannan gaisuwar rufewa, filin sa hannu mai layi biyar, da muƙamin mai sa hannun a ƙasa. Can gindin takarda na ba kowace wasiƙa lambarta. Na kuma kafa doka cewa kowace ta ƙare a shafi ɗaya, don kada sa hannu ya kwana shi kaɗai a shafi na biyu, inda kowane ɗan damfara zai iya liƙa masa wani shafin farko.

Shugabar masu buga tafireta, wata 'yar ƙabilar Ibo da kowa ke kira Madam, ita za ta yanka sababbin sitansil, wato takardun kakin da ake bugawa a tafireta a ɗaura wa injin ya fitar da kwafi. Ta duba samfurin sama da ƙasa.

"Oga ƙarami, takarda ya yi kyau," in ji ta. "Amma ba zan yanka ko ɗaya ba sai manya ya sa hannu. Ni ba na yanka sau biyu. Wannan jan maganin gyara yana sa ni ciwon kai."

Manyan da ake nufi biyu ne. Na farko shugaban sashen ciniki, wanda muke kira Oga, ɗan kudu ne da aka haifa a Jos, mai son Turanci kamar yadda wasu ke son nama. Ya sa hannu nan take, domin kwanan wata ya faɗo a dama, inda shi ma yake sa shi, ya ɗauka shi na kwaikwaya. Ban gyara masa zato ba.

Na biyun Alhaji ne, shugaban sashen ma'aikata, tsohon akawun kamfanin Turawa masu haƙar kuza, wanda kuma daga ofishinsa takardar tabbatar da ni za ta fito. Alhaji bai ce a'a ba. Alhaji bai taɓa ce wa kowa a'a ba. Ya karɓi samfurin da hannu biyu, ya yaba, ya tambayi lafiyar mahaifina, ya ajiye shi a gefe. Da na koma, na tarar ya ɗora kofin shayinsa a kai. Na kawo sabo. Shi ma shayin ya sha. Ina kallon watannin gwajina suna ƙarewa, ina ta bin samfurin da ido ina neman kuskuren da Alhaji ya gani ni ban gani ba, har waƙafi sai da na ƙirga.

Ranar da na kai na uku na ƙi fita.

"Ranka ya daɗe, in akwai gyara ku nuna mini. Aikina a hannunku yake."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ɗan boko, ka taɓa ganin na sa hannu?"

"Na gani a fayil, ranka ya daɗe."

"A fayil. Wato gawarsa ka gani. Zauna."

Ya naɗe hannun babbar rigarsa zuwa kafaɗa, ya cire murfin alƙalami, ya girgiza shi, ya gyara zama kamar mai shirin yanka rago. Sa hannun ya faro daga hagu da wani ƙaton gammo, ya hau sama ya ture gaisuwar rufewa, ya gangaro da gudu, ya yi zagaye biyu, sannan ya saki wata doguwar jela wadda ta ratsa ta tsakiyar muƙaminsa ta soke shi tas. Ya ɗiga ɗigo biyu a ƙarshe, ya jingina.

"To, ka gani. Ka haƙa mini kabari ba ka auna ni ba. Kullum in sa hannu, kullum in soke muƙamina da kaina?"

"Ranka ya daɗe, ko za a ɗan rage shi?"

"A rage wa? Turawan kuza ba su rage shi ba, banki bai rage shi ba, sai kai da aka yi sunanka ina wajen? Ka bar wa sashena tsohon filinsa, ka je ka daidaita sauran."

Wannan kuwa ita ce togiyar da Manaja ya haramta. Na koma tebur na zauna tsakanin mutum biyu da kowannensu zai iya mayar da ni Anguwan Rogo. Da tunani ya ƙi, sai na koma ga abin da na iya. Na ɗebo tsofaffin fayiloli, na auna sa hannun Alhaji guda guda. Na ranakun fushi sun fi tsawo, na watan azumi sun ɗan rame, amma babu wanda ya wuce layi tara. A nan na ga mafita: Manaja cewa ya yi fasali ya zama ɗaya, bai ce ya zama ƙarami ba. In Alhaji ba zai shiga filin kowa ba, kowa ya shiga filin Alhaji.

Na sake jera wasiƙun da fili mai layi tara. Duk suka zauna a shafi ɗaya, ban da guda: wasiƙar maraba da sabon dila, abin alfaharin Oga, wadda ta tsallaka da layi uku. Sakin layinta na farko gaisuwa ce zalla, mai bayyana cewa farin cikin kamfani ba shi da iyaka, kuma zuciyarsa a buɗe take kamar ƙofar sito.

"Kai, kai, kai!" in ji Oga, da na nuna masa. "Za ka yanka Turanci na saboda wutsiyan Alhaji? Ka san dare nawa na yi a kan wannan magana?"

"Oga, dilolin unguwar Dilimi siminti suke nema. Wanda ke karanta musu ma tsallake wurin yake yi."

"Ƙarya ne! Wani ya sa shi a gilashi ya rataye a shago."

"Saboda tambarin kamfani ne, Oga."

Ya yi tsaki, ya jawo sabon samfurin don ya nuna mini rashin kyansa, ya sa hannu a tsakiyar filin. Sa hannun Oga ɗan mitsitsi ne. A cikin layi tara ya zama kamar tururuwa a filin ƙwallo. Ya daɗe yana kallonsa.

"Duk wannan wuri nawa ne?"

"Naka ne, Oga. Daidai da na Alhaji, ba ragi."

"Daidai da na Alhaji," ya maimaita a hankali. Shekara da shekaru sashensa ke kawo ciniki, amma a takarda Alhaji ya fi shi fili ninki biyu. Ya ɗauki jan biro ya soke farin cikin da ba shi da iyaka da hannunsa. "Cire. Amma kar ka kai wa Manaja wannan. Kawo sabo gobe, zan yi shiri."

Washegari ya sa hannu da wani sabon abu mai fukafukai, wanda na tabbata banki ba zai gane shi ba. Na wuce da takardar wurin Alhaji. Ya kawar da kofin shayi da kansa, ya naɗe hannun riga, ya saki alƙalami. Jelar ta gangaro, ina binta da ido ina salati a zuci, ta tsaya saura kaurin tsinke ta taɓa muƙamin.

"Madalla," in ji shi. "Yanzu mutum ya miƙe ƙafa. Je ka gaya wa Manaja na ce kai yaro ne mai hankali."

Manaja ya jera samfurin da wasiƙun, ya ɗaga su ga hasken taga ya ga komai ya hau kan ɗan uwansa, ya ce fili mai yawa alamar babban kamfani ce, haka ma ake yi a Legas. Madam ta yanka sitansil, sau ɗaya. Na tattara tsofaffin sitansil ɗin na tsaya a kansu a bayan sito har suka ƙone, don kada wani ya tono su. Kafin wata ya ƙare aka tabbatar da ni.

Abin da ban hango ba shi ne fili ba ya zama banza a Jos. Cikin 'yan watanni sa hannun kowa ya kumbura. Mai kula da sito ya yi wa nasa rumfa. Manaja da kansa ya ƙara wa nasa hawa ɗaya. Wata safiya sai ga Alhaji a lunguna, karo na farko tun zuwana, riƙe da wasiƙar da Oga ya sa wa hannu.

"Ɗan boko, dubi rashin kunya. Ya kamo ni. Ƙara mini layi biyu."

Na miƙe tsaye, kamar yadda ya dace, na kuma tuna cewa ni yanzu tabbataccen ma'aikaci ne.

"Ranka ya daɗe, in na ƙara muku, na ƙara masa. Kuma takarda ta ƙare. Sai dai ku nemi masu yin ta su ƙara mata tsawo."

"Oga ƙarami ya girma," in ji Madam daga bayan tafireta, ba ta ko ɗago kai ba.