Bishiyar Gwaggo Mai Shara Tana Baƙunta

Duk wanda ya taɓa kai kansa ƙaramin asibitin nan na bayan tasha ya san Gwaggo Mai Shara, ko da bai san fuskarta ba ya san muryarta: "Ɗaga ƙafa, ɗan nan, ba a kan gadon tsohuwarka kake ba." Shekararta goma sha ɗaya tana goge daɓen wurin. Likitoci huɗu suka zo suka tafi a gabanta, ita da bokitinta suna nan.

Mijinta ne ya fara aiki a asibitin, shi ne mai gadin ƙofa. Mutum ne da ba ya son zaman banza, har ya yanko reshen wata 'yar bishiya dangin ceɗiya, mai ƙananan ganye masu sheƙi, ya dasa a gwangwanin madara. Bishiyar ba ta wuce gwiwa ba Allah ya yi masa cikawa. Aka ba matar aikin shara don ta riƙe 'ya'ya uku. Ta riƙe su har ta aurar, ta kuma riƙe bishiyar, daga gwangwani zuwa bokiti, daga bokiti zuwa tukunyar siminti, a gindin babbar tagar ɗakin jira inda hantsi ke dukanta kullum. Ta zarce Gwaggo tsawo. Abin da ya bar mata ke nan, ita da wata rediyo da ba ta magana.

Sai aka kawo sabuwar shugabar nas-nas, wadda kowa ke kira Sista Babba. Mace ce mai aiki, ba a raina mata, sai dai tana tafiya kamar ana bin ta da bulala. Ta ce benci biyu za a ƙara a gindin tagar, saboda masu ciki suna tsayuwa. Gaskiyarta. Aka ciccibi tukunyar aka kai ɗakin karɓar magani, mai taga ɗaya da na'urar sanyaya ɗaki.

Kwana biyar lafiya. Rana ta shida Gwaggo ta share ganye bakwai. Washegari ta daina ƙirgawa. Wasu sun yi rawaya, wasu kuwa kore shar suke faɗowa, ko gilmawa ka yi sai su zubo.

Hankalinta ya tashi, kuma mace idan tana son abu ta ga yana ciwo, ɗura take yi masa. Ta koma ba ta ruwa safe da yamma. Ta juye mata ragowar shayin ma'aikata. Kullum da hantsi ta ja tukunyar ƙiii zuwa baranda ta sha rana, da azahar ta jawo ta ciki, har bayanta ya soma amsawa. Bishiya dai sai ƙara tuɓewa take.

"Gwaggo," in ji Sista Babba, "nan asibiti ne. Mara lafiya ya zo karɓar magani ya tarar da abu yana mutuwa a gabansa? Ƙarshen wata a fitar da ita."

"Ranki ya daɗe, in kai ta ina? Ɗakina ɗaya, tagarsa kamar faifai, tsakar gidan kuma awakin mai gida ne ke mulki."

"Ƙarshen wata, Gwaggo."

Ranar nan tana jan tukunyar, wani tsoho da ke zaune a bencin ɗakin karɓar magani da ƙafa a naɗe ya ce, "Baiwar Allah, bishiyar ce ke da layi wajen likita, ko ke?"

Mai sayar da furanni ne na bakin titi, fartanya ta sare shi yana zuwa wankin ciwo. Gwaggo ta dube shi sama da ƙasa. "Malam, ka ji da ƙafarka. Mai noma da ya sari kansa ne zai koya mini?"

Ya yi dariya, ya ɗingiso ya cusa yatsa a ƙasar tukunyar. Ya fito da shi jagab. "Kai! Bishiya kike reno ko kifi?" Ya sunsuna ƙasar, ya matsa gindin itacen, sannan ya kankare ɓawon wani reshe kaɗan da farce. "Zo ki gani. Mene ne wannan?"

"Kore."

"To da ranta. Baƙunta take yi."

"Baƙunta? Shekara goma sha ɗaya a gidan nan?"

"A ɗakin can. Wannan ɗakin ta san shi? Ganyen da ke jikinta na hasken babbar taga ne, a nan ba ya samar mata abin kirki. Shi ne take zubar da wasu, ta fito da sababbi masu faɗi da laushi, daidai da ɗan hasken da ke nan. Irin wannan bishiyar kuwa ta fi kowa ƙiwa, ko juya ta ka yi sai ta yi fushi. Ke kuma kullum kina mayar da ita baƙuwa sau biyu. Yaushe za ta saba?"

Gwaggo ta saki bakin tukunyar ta miƙe.

Ya ce a matsa da ita dab da tagar, nesa da iskar na'ura, sau ɗaya, kada a sake taɓa ta. Ruwa sai ta cusa yatsa ta ji gaɓa biyu a bushe, domin mai ƙarancin ganye da haske ba ta sha da yawa, saura sai ya ruɓar da saiwa. Ba shayi, ba taki, ba sauya tukunya. "Tsofaffin ganye na ciki da na ƙasa su zuba, ba komai, zai ɗauki makonni. Amma in kika ji ƙasa tana wari, ko gindi ya yi laushi, ko kan rassa ya fara baƙi yana bushewa, to ki neme ni, wannan ba baƙunta ba ce."

"Wato in zauna in zuba mata ido?"

"Shi ne aikin da ya fi ƙarfinki, na sani."

Ya kuwa fi. Sau nawa ta ɗauko kofin ruwa, ta cusa yatsa, ta ji danshi, ta shanye ruwan da kanta tana harara. Zubar ta ragu daga tafi guda zuwa uku, zuwa ɗaya. Amma ranar ƙarshen wata bishiyar tana tsaye kamar kazar da aka fara figa aka fasa. Sista Babba ta shigo da majiya ƙarfi biyu.

Gwaggo ba ta yi roƙo ba. Ta kama hannun Sista, abin da ko likita bai taɓa yi ba, ta kai shi kan wani reshe. A can ƙarshensa ga wasu 'yan tsinaye kore, biyu sun buɗe, laushi kamar kunnen jariri. Nan ma ga su, can ma ga su.

"Ranki ya daɗe, ke ma watanki na farko a nan ba kya amsa gaisuwa. Wa ya fitar da ke?"

Ɗaya daga cikin mazan ya juya baya yana tari. Sista Babba ta daɗe tana duban tohon, sannan ta ce, "Ganye ɗaya na gani a ƙasa, ni da ke ne." Ta sallami mazan.

Tsohon bai ga wannan ba, ƙafarsa ta riga ta warke. Ranar hutunta Gwaggo ta yi tattaki har bakin titi, ta same shi cikin tukwanensa yana yayyafi. Ita da ba ta durƙusa wa kowa, ta durƙusa har ƙasa.

"Malam, Allah ya saka da alheri. Allah ya raba ka da fartanya."

"Amin. Ta zauna?"

"Ta zauna."

"To tashi, kin danne mini tiyo."